Yadda ake auna matsin iska da yawanta a bututun esi don gano dalilin zafin wasu ɗakuna

Idan aka ce esi na gama-gari, irin mai raba iska ta bututu, yana sanyaya falo amma ɗakin ƙurya ya ƙi yin sanyi, abu na farko da ke zuwa bakin mai gida shi ne gas ya ragu. Wasu masu gyaran ma nan suke fara kai hannu. To amma tsaya ka yi tunani: koyil ɗaya ne ke sanyaya iskar da ke zuwa duk ɗakunan. Da gas ne ya yi ƙasa, da kowa ya ji a jikinsa. In ɗaki ɗaya ko biyu ne kawai ke zufa, yawanci sanyin yana nan, isa wurin ne bai yi ba. Aikinka ke nan ka bi sawun iskar da awo, ka ga inda ta maƙale.

Abu biyu za ka auna, kuma kada ka haɗa su a kai. Na farko shi ne matsin da iska ke yi wa bangon bututu daga ciki, wanda ma'aikata ke kira sitatik. Kamar awon jini yake a jikin mutum: yana faɗa maka wahalar da fanka ke sha wajen tura iska, ba ya faɗa maka yawan iskar da ta wuce. Na biyu shi ne yawan iskar kanta, wanda na'urorin awo ke nunawa da CFM, wato ƙafar kubik nawa ke wucewa a minti ɗaya. Matsi shi ke nuna maka inda hanya ta toshe, yawan iska kuma ya nuna maka wanda aka tauye wa rabo.

Kayan da za ka riƙe

Babban makaminka manomita ne, wato ma'aunin matsi, na dijital mai baki biyu, da tiyon roba guda biyu, da tsinken awon sitatik. Tsinken nan lanƙwasasshe ne, bakinsa a toshe, ƙananan hudojinsa a gefe suke, don kada gudun iska ya buga cikinsa ya ɓata awon. Sai injin huda da ƙarfen huda na inci 3/8, wajen milimita 10, da marufan roba na toshe hudojin bayan an gama. Za ka buƙaci ma'aunin zafi mai tsinke, da abin auna iskar bakin giril: hular awo in akwai, in babu anemomita mai farfela. Manomita na iya nuna awo da faskal, wato Pa, ko da incin ruwa, wato in. w.c. Zan yi amfani da Pa a nan. In naka na nuna ɗayan ne, riƙe cewa 1 in. w.c. kusan 250 Pa ne, saboda haka 0.5 in. w.c. shi ne 125 Pa.

Kafin ka huda komai, buɗe murfin na'urar ka duba abin da ke bayan wurin da kake son hudawa, bayan ka kashe wuta. Saka wa ƙarfen hudar abin tsayarwa, ko da guntun tiyo ne, yadda ba zai shige fiye da kaurin kwanon ba. Wanda ya taɓa huda koyil ko kaskon ruwan da ke ƙarƙashinsa ba ya mance ranar. Kuma in bututun na da bargon hana zafi ta ciki, tabbatar tsinken ya ratsa shi ya fito fili, in ba haka ba bargon za ka auna.

Jimillar matsin da fanka ke fama da shi

Fara da karanta farantin da ke jikin na'urar. Abu biyu kake nema: girmanta, da matsin waje da aka gina ta a kai, wato wanda kayan da ke wajen akwatinta, kamar bututu, ke ɗora wa fanka. Na'urorin gida da yawa an rubuta musu 0.5 in. w.c. Game da girma, tan ɗaya na sanyi daidai yake da 12,000 BTU a awa, kusan kilowat 3.5, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kowane tan na son wajen 400 CFM. Inda iska ke da laima sosai akan sauko zuwa 350, inda take a bushe akan hau sama kaɗan.

Bari mu ɗauki gida ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Na'ura ce mai tan 3, fanka da koyil a akwati ɗaya, a cikin silin. Tana son 1,200 CFM ke nan, farantinta kuma ya ce 125 Pa. Akwai bakin iska biyu a falo, ɗaya a kicin, sai ɗakunan kwana uku. Na ƙuryar ne ke zafi.

Buɗe duk bakunan iska da duk ƙofofi. Kunna sanyi, ka bar ta ta yi aiki kamar minti goma sha biyar, don koyil ya jiƙe da raɓa kuma fanka ta kai cikakken gudunta na sanyi. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne, domin jiƙaƙƙen koyil ya fi busasshe tare iska, kuma saitin fanka kaɗai ba tare da sanyi ba sau da yawa gudunsa daban ne. Ka mayar da manomita sifili tiyo na a sake, kafin ka soka tsinke.

Huda biyu za ka yi. Ɗaya a ɓangaren dawowar iska, tsakanin filta da jikin na'ura. Ɗayar a akwatin rabo, daf da inda iska ke fita daga na'ura, kafin reshe na farko. Juya bakin tsinken ya fuskanci inda iska ke tahowa. Ɓangaren dawowa zai ba ka lamba mai alamar ragi, tunda zuƙa ake yi. Ɓangaren fita zai ba ka mai alamar ƙari. Ka yar da alamomin ka haɗa lambobin biyu.

```
dawowa  = -130 Pa
fita    =  +70 Pa
jimilla = 130 + 70 = 200 Pa
```

Akwai wurin da ake yawan tuntuɓe a nan. In na'urar irin wadda fanka ke cikin akwatin ɗumama gida ce, aka ɗora koyil a kansa daban, to hudar fita tsakanin akwatin da koyil za ta kasance, domin a wannan tsarin koyil na cikin kayan da fanka ke ɗauka a matsayin na waje. In ka huda bayan koyil, za ka samu lamba mai daɗin gani wadda ba gaskiya ba ce.

A gidanmu dai 200 Pa muka samu inda ake son 125. Yanzu buɗe littafin na'urar, ka nemi teburin fanka. Teburin yana jera matsi a gefe ɗaya, gudun fanka a ɗaya, ya ba ka CFM a mahaɗarsu. Duba wayar gudun da aka jona, kada ka yi zato. Karanta kuma 'yan rubutun da ke ƙasan teburin, domin nan ake faɗa ko an lissafa da filta, da jiƙaƙƙen koyil, ko babu. A misalinmu teburin ya ba da wajen 950 CFM. Tun kafin mu leƙa ɗakin ƙurya, mun san gidan gaba ɗaya yana bin bashin iska 250 CFM, kuma duk lokacin da abinci ya yi kaɗan, na nesa da tukunya ne ke kwana da yunwa.

Nau'in motar fankar na sauya yadda za ka fassara wannan. Tsohuwar mota mai kafasita, wadda ake rubuta wa PSC, da matsi ya hau sai iskarta ta faɗi. Motar ECM mai riƙe yawan iska kuwa ƙara gudu take yi don ta cika adadin, har zuwa iyakarta. A nan za ka ga matsi sama, iska kusan daidai, amma ga ƙara ga cin wuta, motar kuma tana tsufa da wuri. Teburin kuma yana ɗauka cewa farfelar fanka a wanke take. In datti ya cike fikafikanta, iskar gaskiya ta gaza abin da teburin ya ce, matsin ma zai nuna ƙasa-ƙasa kamar komai lafiya. Saboda haka ƙaramin matsi ba shaidar lafiya ba ne shi kaɗai: yana iya zama fanka mai rauni, ko koyil da ya toshe a cikin akwati, ko wani bututu da ya cire yana zubar da iska a silin.

Rarraba matsin gida-gida

Jimilla ta ce akwai ciwo, ba ta ce ina ba. Dubi rabon: 130 a dawowa, 70 a fita. Nauyin na ɓangaren dawowa. Yi huda ta uku a gaban filta, ka auna. Mun samu -85 Pa. Bambancin da ke tsakanin gaban filta da bayanta, 130 a cire 85, shi ne abin da filta ke ci: 45 Pa. A na'ura mai 125 Pa, filta mai tsabta bai kamata ta wuce wajen 25 ba. Da muka zaro ta ba ta yi wani datti ba. Irin siririyar nan ce mai kaurin inci ɗaya mai yawan ninki, wadda aka saya don ta fi tace ƙura. Tana tacewa kuwa, har da iskar.

Sauran 85 Pa ɗin na bututun dawowa ne da girilinsa kaɗai, kuma wannan shi ne babban ɓarawon. Akwai gwaji mai sauƙi: cire girilin dawowa kana kallon manomita. In lambar ta faɗi sosai, girilin ne ya yi ƙanƙanta ko fikafikansa sun yi matsi. In ba ta motsa ba, bututun ne. A nan 10 Pa kawai ta sauka. Bututu ɗaya ne na dawowa ga gidan duka, mai lanƙwasuwa, inci 14, ya yi kwana biyu masu tsini kafin ya iso na'ura. Ya yi wa tan 3 kaɗan.

Riƙe wannan ƙa'ida, za ta yi maka amfani: matsin da bututu ke ci yana tafiya ne da ninkin yawan iska a kan kansa. In ka nemi ƙara iska da kashi 25 cikin ɗari ta bututun nan, matsinsa zai hau da fiye da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙara gudun fanka ba ya warkar da ƙaramin bututu. Ƙara kawai za ka saya.

Wa ya samu nawa

Yanzu sauko daga silin, ka bi bakunan iska ɗaya bayan ɗaya. Da hular awo aikin ba wuya: rufe bakin gaba ɗaya da ita, danna sosai kada iska ta tsere ta gefe, jira lamba ta tsaya, rubuta. Da anemomita mai farfela, sai ka bi fuskar girilin a hankali daga gefe zuwa gefe, ka ɗauki matsakaicin gudu da fpm, wato ƙafa nawa a minti, ka ninka da faɗin wurin da iska ke bi da ft2, wato murabba'in ƙafa.

```
CFM = gudu (fpm) x fili (ft2)
```

Kuskuren da ake yi shi ne ninkawa da faɗin girilin duka, alhali fikafikansa sun cinye wani sashe. Yi amfani da filin da kamfanin girilin ya bayar. In babu, awon zai yi maka amfani wajen kwatanta giril da giril masu iri ɗaya, amma kada ka rantse da lambar.

In ba ka da ko ɗaya, ledar shara ma tana aiki a ƙananan bakuna. Nemi wadda ka san girmanta, ka ɗaura bakinta a zoben waya ko kwali, ka matse iskar cikinta, ka kifa a kan girilin, ka ƙirga daƙiƙun da za ta cika. Lita ɗaya a daƙiƙa daidai take da 2.12 CFM. Leda mai lita 100 da ta cika a daƙiƙa biyar, lita 20 ke nan a daƙiƙa, wajen 42 CFM. Yi sau uku ka ɗauki tsakiya. Mutanen gida za su yi maka dariya, amma awon ya fi ɗora tafin hannu a giril nesa ba kusa ba. Hannu gudu yake ji, ba yawa ba. Ƙaramin baki mai feshi da ƙarfi na iya ba da rabin iskar babban baki mai hurawa a hankali.

Ga abin da muka samu: falo 210 da 210, kicin 150, ɗaki na farko 140, na biyu 120, na ƙurya 45. Jimilla 875. Teburin fanka ya ce 950, saura 75 ke nan. Ratar da ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba tana iya zama kuskuren awo haɗe da 'yar yoyo. Da ratar ta kai ɗari biyu, da na koma silin neman bututun da ya cire. Lambar da ta tsaya mana a wuya ita ce 45. Ɗakin ƙurya girmansa ɗaya da na farko, ga shi da taga mai kallon yamma, zanen aikin kuma ya ba shi 130. Kashi ɗaya cikin uku yake samu.

Bin reshen da ke ciwo

Reshe ɗaya ake bi da dabarar da aka bi na'ura: auna matsi a farkonsa da ƙarshensa. A babban bututu, daf da inda reshen ya tashi, mun samu 55 Pa. A akwatin bakin iska na ɗakin, 3 Pa. Fassarar a fili take. Matsi ya iso ƙofar reshen, amma ya mutu a hanya. Da a ce matsin na da yawa har cikin akwatin bakin kuma iska ba ta fita, da girilin ko dampar da ke bayansa, wato faifan da ke rage iska ko tare ta, zan zarga. Da kuma tun a farkon reshen matsin ya yi ƙasa, da matsalar ta babban bututu ce: rassan kusa sun kwashe, ko akwai yoyo a baya.

Fara da dampar da ke wuyan reshen. Hannunta in yana layi ɗaya da bututu a buɗe take, amma na sha ganin hannu a buɗe, faifan ciki ya kwance ya rufe kansa. Soka waya ko ka kwance wuyan ka gani da ido. A gidan nan dampar lafiyarta ƙalau. Da na bi bututun da tocila, rarrafe a kan katako, sai ga shi: bututu mai lanƙwasuwa na inci 6, an bar shi da tsawon da ya wuce buƙata, ya yi ciki tsakanin maratayai, a wuri ɗaya kuma an rataye shi da siririyar waya da ta shaƙe shi kamar wuyan buhu. Irin wannan bututu sai an ja shi ya miƙe sosai yake ba da abin da aka rubuta masa. In ya saki, zoben wayar cikinsa na tattare robar, kowane tattara kuma birki ne. Ko da a miƙe yake ma, inci 6 wajen 75 zuwa 100 CFM yake ɗauka cikin daɗi. Ɗakin da ke son 130, inci 8 ya dace da shi, ko aƙalla 7.

Kada ka sauka ba ka auna zafi ba. Iskar na barin na'ura a digiri 13 na ma'aunin Salsiyas, tana isa ɗaki na farko a 14, amma a ɗakin ƙurya 18. Iskar da ke tafiyar hawainiya a cikin silin mai zafi tana daɗewa a hanya tana shan zafi, ga bargon bututun ya yage a wajen shaƙewar. Lissafin sanyin da ke isa ɗaki, da wat, shi ne wannan:

```
W = 0.57 x CFM x (zafin ɗaki - zafin iska)
yanzu:  0.57 x 45  x (24 - 18) = 154 W
daidai: 0.57 x 130 x (24 - 14) = 741 W
```

Wato in ana son ɗakin ya tsaya a digiri 24, kashi ɗaya cikin biyar na sanyin da ya kamata yake samu. Mutum ɗaya a zaune da kwamfuta a kunne sun isa su cinye wannan.

Saura gwaji ɗaya da mutane ke tsallakewa, alhali minti biyu yake ci. Duk awon da muka yi ƙofa a buɗe ne, mai ɗakin kuwa ƙofa a rufe yake kwana. Ɗakin ba shi da bakin dawowa nasa, iskar da ta shiga ta ƙarƙashin ƙofa za ta fita. Tsaya a barandar cikin gida, zura tiyo ta ƙarƙashin ƙofar da aka rufe, ɗaya bakin manomita a sake. Abin da ake so shi ne kada ya wuce 3 Pa. A ɗaki na farko, mai samun 140, mun ga 9 Pa. A na ƙurya 2 ne kawai, amma don ba ya samun iska ne. Da zarar an gyara reshensa zai hau kamar ɗan'uwansa, iskar da ke shiga ta ragu, sauran ta tsiyaye waje ta jikin taga.

Gyara, da sake awo

Tsarin gyaran daga na'ura yake farawa zuwa ɗaki, ba akasin haka ba. In ka fara da rufe damfofin falo don ka kora iska ƙurya alhali matsi na 200, ƙara shaƙe fanka ka yi, jimillar iska ta sake faɗuwa, koyil na iya yin ƙanƙara. Mun sa filta mai kauri da faɗin fuska, mun ƙara bututun dawowa na biyu. Sannan muka sauya reshen ƙurya da inci 8, a miƙe, da maratayai masu faɗi, muka liƙe mahaɗai muka rufe da bargo. Aka buɗe wa ɗakunan kwana hanyar dawowa ta giril a bango zuwa baranda. Sai a ƙarshe muka taɓa damfofi, kuma na wuyan reshe, ba na fuskar giril ba, domin na fuska fito yake yi in an matse shi. Rage na falo kaɗan, jira minti biyu, sake auna ƙurya da na falon duka, tunda taɓa ɗaya na motsa saura.

Awon ƙarshe ya ba da -55 a dawowa, +90 a fita, jimilla 145 Pa, teburin kuma ya ce wajen 1,150 CFM. Lura cewa matsin fita hawa ya yi daga 70 zuwa 90. Ba wani abu ne ya lalace ba. Iska ce ta ƙaru a cikin bututun da bai sauya ba. Ɗakin ƙurya ya koma 125 CFM a digiri 14 da rabi, ƙofa a rufe 2 Pa. Jimillar ba ta sauka 125 cif ba, kuma ban bi ta ba, domin sauran sai an sauya babban bututun fita, ribar kuma ba ta kai wahalar ba.

Akwai iyakar da wannan awo ke tsayawa. In ɗaki na samun adadin da aka zana masa, iskar na isowa da sanyinta, ƙofa ba ta tare ta, amma har yanzu yana zafi da yamma, to bututu ya fita daga zargi. Nauyin zafin ɗakin ne ya fi abin da aka lissafa: rana ta taga, rufin da ba shi da bargo, ko tamostat da ke zaune a wuri mai sanyi yana kashe na'ura tun ɗakin bai huce ba. Wannan sabon lissafin nauyin zafi yake so. Kafin ka tafi, toshe hudojin da marufansu, ka rubuta lambobin ƙarshe da kwanan wata a jikin akwatin rabo da alƙalamin da ba ya gogewa, kusa da kowace huda.